Yadda Ake Taƙaita Sakular Gwamnati Ga Ma'aikatan Da Za Su Aiwatar Da Ita

Sakula ta iso ofis, an buga mata hatimin karɓa, shugaba ya rubuta a gefenta da jan biro cewa a sanar da ma'aikata, masinja ya ajiye maka fayil a tebur. Abin da yawancinmu muka saba yi a nan shi ne mu bi ta daga sama zuwa ƙasa muna rage kalmomi, shafi uku su koma shafi ɗaya, mu manna a allon sanarwa. Bayan kwana biyu sai ka ga mutane a bakin ƙofarka suna tambaya: "To, yanzu me ake so mu yi?" Da zarar ka ji wannan tambaya, taƙaitawarka ba ta yi aiki ba, ko da kuwa babu kuskure ko ɗaya a cikinta.

Dalilin shi ne wanda ya rubuta sakular da wanda zai aiwatar da ita ba abu ɗaya ne ya dame su ba. Marubucin yana so ya kafa hujja, shi ya sa yake farawa da tarihi da ambaton dokoki da sakulolin baya, umarnin kuma ya zo can tsakiya. Shi kuwa ma'aikaci abu huɗu yake nema: ta shafe ni? Me zan yi? Zuwa yaushe? Wa zan miƙa wa? Aikinka shi ne ka wargaza tsarin marubucin, ka sake jera maganar bisa waɗannan tambayoyi, ba tare da ka rage wa umarnin nauyi ko ka ƙara masa ba.

Zan bi matakan da misali guda tun daga farko har ƙarshe. Mu ɗauka ofishinmu reshe ne mai ma'aikata 46, 38 daga cikinsu na dindindin ne da ke bakin aiki, sauran kuma 'yan kwantiragi ne da masu hutu, ba a aiki Asabar da Lahadi, kuma sakular da ta zo ta sabunta bayanan ma'aikata ce. Shafi uku ce, sakin layi 11, da rataye guda ɗaya wanda shi ne fom ɗin da za a cike. An sa mata hannu ranar 3 ga Yuni, amma ba ta iso wurinmu ba sai Alhamis 12 ga wata.

Kafin ka karanta, duba goshinta da gindinta

Wannan ba ya ɗaukar minti biyar. Ka duba lambar sakular, kwanan wata, ofishin da ya fitar da ita, muƙamin wanda ya sa hannu, da jerin waɗanda aka aike wa. Jerin nan ne zai nuna maka ko ofishinka yana ciki, domin akwai sakular da ake aiko wa don sani kawai, ba don a yi komai ba. Ka ƙirga shafuka, ka tabbatar ratayen da aka ambata yana haɗe. Idan hotonta ne aka turo maka a waya, ba ta hanyar rajistar ofis ta zo ba, kada ka taƙaita komai sai ka tabbatar da ita daga ofishin da ya fitar. Takardun bogi na ƙarin albashi da na hutu suna yawo sosai, kuma ranar da ka sa sunanka a ƙarƙashin taƙaitawa, kai ka ba ta ƙafa.

Karatu biyu, na biyun da biro a hannu

Karatun farko ka yi shi a tafi ɗaya, ba rubutu, don ka san inda maganar ta dosa. A na biyu ka ɗauki kwafi (ba ainihin takardar ba, ita ta fayil ce), ka sa wa kowane sakin layi alama gwargwadon aikin da yake yi. Ni haruffa nake amfani da su a gefen takarda: U na umarni, W na wa'adi, T na togiya, H na hukunci, B na bayanin share fage.

Ga yadda tamu ta fito. Sakin layi na 1 zuwa na 3 share fage ne: an lura bayanan ma'aikata ba su daidaita da na biyan albashi, an yi yunƙurin gyara a baya. Na 4 ya ce kowane ma'aikaci na dindindin ya cike fom. Na 5 ya lissafa takardu huɗu da za a haɗa kwafinsu: ta ɗaukar aiki, ta tabbatarwa a aiki, ta ƙarin girma ta ƙarshe, da shaidar haihuwa. Na 6 ya ce shugaban sashe ya duba ya sa hannu. Na 7 ya ce fom su isa hedikwata kada su wuce 30 ga Yuni. Na 8 togiya ce ga masu hutun karatu da na jinya: shugaban sashe zai aika sunayensu da kwafin takardar amincewa da hutun, su kuma su cike fom cikin kwana 14 bayan sun dawo. Na 9 ya soke sakular bara, ya ce wanda ya cike wancan fom sai ya sake. Na 10 ya ce za a dakatar da albashin wanda fom ɗinsa bai iso ba. Na 11 ya faɗi ofishin da za a tuntuɓa. A ƙasan fom ɗin kuma, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta a cike kwafi biyu, a liƙa hoto a kowanne.

Ka lura da wannan na ƙarshe. Babu inda jikin sakular ya yi maganar kwafi biyu ko hoto. Wanda bai karanta rataye ba zai tara fom 38, kowanne guda ɗaya ba hoto, a dawo masa da su gaba ɗaya. Rataye ɓangare ne na umarni, kuma sau da yawa a can ainihin aikin yake.

Kalmomin da ba a taɓawa

Nan ne taƙaitawa ta fi lalacewa, don haka bari in ɗan daɗe.

Harshen gwamnati yana bambanta abu uku: abin da ya wajaba, abin da aka so a yi, da abin da aka ba da dama. Ko da Turanci aka rubuta sakular ko da Faransanci ko da wani harshe, kowanne yana da kalmarsa, kuma marubucin da gangan ya zaɓe ta. Idan za ka mayar da ita Hausa, ka tsayar da "dole" ga wajibi, "ya kamata" ga abin da aka so, "ana iya" ga dama, kada ka cakuɗa su. Mu Hausawa muna da halin sassauta magana don ladabi. Kana rubuta wa manyanka, sai ka ji nauyin cewa "dole ne shugabannin sashe su sa hannu", ka mayar da ita "ana roƙon shugabannin sashe su taimaka su sa hannu". Ladabin ya yi kyau, amma ka mayar da wajibi alfarma, ita kuwa alfarma sai an ga dama ake yin ta. Ka zuba ladabinka a gaisuwa da rufewa, ka bar umarnin da ƙarfinsa. Kishiyar wannan ma tana faruwa: sakula ta ce ana iya aikawa ta imel, mai taƙaitawa ya rubuta "a aika ta imel", sai wanda ya kawo takarda a hannu a kore shi ba gaira ba dalili.

Sai ƙananan kalmomi masu juya hukunci: "da" da "ko", "sai dai", "banda", "matuƙar", "aƙalla", "kada ya wuce". Idan an ce shaidar haihuwa ko takardar rantsuwar shekaru, ɗaya ta wadatar. Ka rubuta "da" a wurin "ko", ka tura mutane neman takardar da ba a buƙata. Haka "kafin 30 ga wata" da "kada ya wuce 30 ga wata" ba ɗaya ba ne: na farko ya fitar da ranar 30, na biyu ya shigar da ita. Kwana ɗaya ne tsakaninsu, amma wani lokaci shi ne tsakanin albashi da rashinsa.

Lambobi, kwanan wata, matakan albashi, sunayen fom da sunayen ofisoshi ana kwafe su ne yadda suke. Ba a cewa "wajen ƙarshen wata", ba a cewa "manyan ma'aikata" alhali sakular ta faɗi daga mataki kaza zuwa sama. Ka kuma rarrabe ranaku uku da ake yawan rikitawa: ranar da aka sa hannu, ranar da umarnin ya fara aiki, da ranar cikar wa'adi. Akwai sakular da ake fitarwa yau amma ta ce ta fara aiki tun watannin baya, musamman ta alawus. Idan haka ne, wannan magana ta cancanci layinta ita kaɗai, domin tana nufin akwai lissafin da za a koma a gyara.

Togiya ba a yar da ita don neman gajarta. Na taɓa yin wannan kuskure a farkon aikina. Na ga sakin layin masu hutu mutum biyu kawai ya shafa, na ce ba sai na cika takarda da shi ba. Wata baiwar Allah da ke jinya ta ji labarin za a tsayar da albashi, ta taso daga kan gado ta zo ofis, jiki duk ba ƙwari. Da na ce mata ai ita an ɗauke mata, sai ta dube ni ta ce: "Malam, ai da ka rubuta." Ban sami abin cewa ba. Tun daga ranar, togiya ce abu na biyu da nake rubutawa bayan umarni. Wanda aka togace shi ma ma'aikaci ne mai buƙatar sanin matsayinsa, kuma galibi akwai wani da aka ɗora wa aiki a madadinsa, kamar yadda sakin layi na 8 ya ɗora wa shugaban sashe.

Inda sakular ba ta fito fili ba

A misalinmu akwai wuri biyu. Kan sakular ya ce dukkan ma'aikata, sakin layi na 4 ya ce na dindindin, mu kuma muna da 'yan kwantiragi biyar. Sannan kwana 14 ɗin masu hutu, ba a ce na aiki ba ne ko na kalanda.

Kada ka yanke hukunci da kanka ka rubuta shi kamar daga sakular ya fito. Kai mai isar da saƙo ne, fassara umarni hurumin wanda ya ba da shi ne. Ka kai wa shugabanka maganar ranar da ka gano ta: "Ranka ya daɗe, akwai saɓani tsakanin kan takardar da sakin layi na 4, ina ganin a rubuta a tambaya." A aika tambayar a rubuce zuwa ofishin da sakin layi na 11 ya ambata. Idan ta waya aka ba da amsa, ka rubuta a fayil wanda ya amsa, da muƙaminsa, da ranar, ka kuma nemi ya biyo da rubutu.

Amma kada ka riƙe taƙaitawar kana jiran amsa, mutum 38 suna asarar kwanaki saboda mutum biyar. Ka fitar da ita, ka faɗi a fili cewa an tambaya. Idan akwai matakin da ba ya cutarwa, shugaba yana iya amincewa a ɗauke shi na wucin gadi: 'yan kwantiragi su tanadi takardunsu, kada su miƙa tukuna.

Wa'adin sakula ba shi ne wa'adin ma'aikaci ba

Idan ka rubuta wa ma'aikata 30 ga Yuni, to ranar 30 ga Yuni za su kawo maka fom, wasu ma da yamma. Alhali abin da sakin layi na 7 ya ce shi ne fom su isa hedikwata a ranar, ba su bar hannun ma'aikaci ba. Saboda haka sai ka tsaya a ranar ƙarshe ka ƙirgo baya, kana cire wa kowane hannu lokacinsa.

30 ga wata Litinin ce. Ba na son saƙo ya isa ranar ƙarshe, don in an sami tangarɗa babu sauran gyara, sai na sa Juma'a 27 ta zama ranar isa. Hanya tana cin kwana biyu, ke nan saƙo zai tashi Laraba 25. Sashen mulki yana buƙatar Litinin 23 ya duba fom ɗaya bayan ɗaya, Talata 24 kuma a gyara waɗanda aka samu da kuskure, shugaban ofis ya sa hannu a wasiƙar rakiya. Don haka shugabannin sashe su gama nasu su miƙa Juma'a 20. Su ma a ba su kwana biyu, sai ma'aikata su miƙa musu Laraba 18.

Dubi abin da ya rage. A ido, daga 12 zuwa 30 kwana 18 ne. A zahiri ma'aikaci yana da ranakun aiki huɗu: 13, 16, 17 da 18. Wannan lissafi shi ke nuna maka cewa taƙaitawar yau za ta fita, ba gobe ba. Ka duba kalanda kuma ko akwai hutun gwamnati a tsakani, da ko mai sa hannu zai yi tafiya, domin in zai yi, sai a san mai riƙe masa tun yanzu.

Ranakun nan na cikin gida ba daga sakular suka fito ba, don haka sai shugaban ofis ya amince da su, kuma ka nuna a rubuce wanne ne na sakula, wanne ne na ofis. Wasu suna ɓoye ainihin wa'adin, su ce 18 ga wata ce ranar da gwamnati ta sa. Ban yarda da wannan dabara ba. Wani zai ga sakular, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, daga ranar ba za a sake gaskata ranakunka ba.

Rubutawa

Shafi ɗaya, abin da ya fi gaggawa a sama. Kowane umarni ya fito da mai yinsa. "A miƙa fom" ba umarni ba ne, kowa zai ɗauka da wani ake. Ka raba aikin bisa rukunin mutane, don kowa ya nemi nasa ya tsaya a nan. A ƙarshen kowane umarni ka sa lambar sakin layin da ya fito, saboda mai gardama ya je ya gani da idonsa. Ga yadda tamu za ta kasance, bayan an sa lambar sakular da kwanan watanta a sama:

Sabunta bayanan ma'aikata: ma'aikatan dindindin su miƙa fom zuwa Laraba 18 ga Yuni

Dole ne kowane ma'aikaci na dindindin ya cike sabon fom, har da wanda ya cike na bara, domin an soke wancan (sakin layi na 4 da na 9). Za a dakatar da albashin wanda fom ɗinsa bai isa hedikwata ba zuwa 30 ga Yuni (na 7 da na 10).

Ma'aikaci: karɓi fom a sashen mulki, cike kwafi biyu, liƙa hoto a kowanne (rataye). Haɗa kwafin takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma ta ƙarshe, da shaidar haihuwa (na 5). Miƙa wa shugaban sashenka, kada ya wuce Laraba 18 ga Yuni.

Shugaban sashe: duba fom, sa hannu (na 6), miƙa wa sashen mulki kada ya wuce Juma'a 20 ga Yuni, tare da sunayen masu hutun karatu ko jinya da kwafin takardar hutunsu (na 8).

Mai hutun karatu ko jinya: ba sai ka zo ba. Za ka cike fom cikin kwana 14 bayan ka dawo aiki (na 8). An tambaya ko ranakun aiki ake nufi.

'Yan kwantiragi: sakular ba ta fayyace ba, an rubuta an tambaya. Ku tanadi takardunku, ku saurari sanarwa.

Ranakun 18 da 20 ofishinmu ne ya sa su don saƙo ya isa a kan lokaci. Wannan taƙaitawa ce, cikakkiyar sakular tana haɗe, ita ce abin dogaro in an sami saɓani. Mai tambaya ya ga jami'in mulki.

Ka ga sakin layi uku na share fage sun fita gaba ɗaya, ba wanda zai yi kewarsu. In kana ganin mutane za su yi gunaguni cewa ai bara ma an yi, jimla ɗaya ta dalili ta isa. Ra'ayinka a kan ko tsarin yana da ma'ana ba shi da wuri a nan. Hukuncin ma ka faɗe shi yadda aka faɗa: dakatarwa aka ce, kada ka rubuta kora don ka tsorata mutane, kada kuma ka rubuta "ana iya samun jinkirin albashi" don ka kwantar da hankali.

Gwaji kafin a fitar

Gwaji biyu ne. Na farko, ka ɗauki kwafin nan mai alamomi, ka bi kowane U da W da T da H, kana neman inda ya sauka a taƙaitawar. Wanda ka samu ka soke shi da biro. Sannan ka juya, ka bi kowace jimla ta taƙaitawar ka tambayi kanka daga ina ta fito. Jimlar da ba ta da sakin layi, kuma ba shugaba ne ya amince da ita ba, kai ka ƙirƙire ta, cire ta. Lambobi da ranaku ka karanta su da ƙarfi, wani yana riƙe da asalin yana bin ka.

Na biyu, ka ba wanda bai ga sakular ba, zai fi kyau ƙaramin ma'aikaci, direba ko masinja. Kada ka tambaye shi ko ya gane, zai ce ya gane don kunya. Ce masa: "Me za ka yi gobe da safe?" Idan ya ce zai je sashen mulki ya karɓi fom biyu, ya nemo hoto da takardu huɗu, ya kai wa maigidansa kafin a tashi ranar Laraba, ka gama. Idan ya tsaya yana sake karantawa, inda idonsa ya koma nan ne gyaran yake.

Daga nan shugaba ya sa hannu, a fitar. Inda akwai hukunci irin na albashi, allon sanarwa da zauren waya ba su wadatar ba: a zagaya da takarda kowa ya sa hannu cewa ya gani, masu hutu da waɗanda ke aiki a waje a kira su, a rubuta ranar da aka kira. Kwafin taƙaitawar da wannan takarda su shiga fayil ɗaya da sakular.

Idan amsar tambayarka ta zo, ko aka ƙara wa'adi, ko wata sakula ta biyo da gyara, kada ka manna ƙaramar takarda a ƙarƙashin tsohuwar. Ka fitar da sabuwa cikakkiya mai sabon kwanan wata, layinta na farko ya faɗi abin da ya canja, misali cewa hedikwata ta tabbatar 'yan kwantiragi ba sa ciki, kuma kwana 14 ɗin na kalanda ne. Sannan ka je allo da kanka ka cire tsohuwar.